Ɗan Da'irar Koci

Shekara ashirin da biyu Koci yana horar da 'yan tsere a kulob ɗin, kuma a duk tsawon shekarun nan littafi mai baƙin bango da biro su ne ofishinsa. Bana ne shugabannin kulob suka kawo sabon salo, wai kowane mai horarwa sai ya zuba bayanan 'yan wasansa a jadawalin kwamfuta. Shafi ɗaya na zuwa atisaye, ɗaya na lokacin da kowa ya yi a gwajin mako, na uku kuma na 'yan bayanai, wane ƙafarsa na ciwo, wane ya makara. Koci bai yi musu ba, don ya gaji da musu tun tuni. Duk ranar Asabar sai ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar matarsa, tabarau a ƙarshen hanci, yana kwafe littafin da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi.

Gurbi ɗaya tak aka ba su a sansanin horo na wata uku, na masu gudun mita ɗari huɗu. Dokar a rubuce take. Sai wanda ya halarci kashi tamanin cikin ɗari na atisaye, kuma a cikinsu za a ɗauki wanda matsakaicin lokacinsa ya fi ƙanƙanta a gwaji ashirin na bana. Koci ya tura jadawalin ranar Litinin, Sakataren kulob ya sa masa lissafi ya dawo masa da shi, ranar Alhamis da safe aka manna takarda a allon sanarwa.

Sunan Tela ne a jiki.

Koci ya tsaya gaban allon da agogon gudu rataye a wuya, ya karanta sau biyu. Tela ɗan shekara ashirin da huɗu ne, ɗinki yake yi a shagon yayansa, kuma shi ne mai riga kowa zuwa fili, har mai gadi ya saba ba shi mabuɗi. Babu wanda Koci yake so ya ga ya samu kamarsa. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana danna agogo ba ya bukatar a gaya masa wanda ya fi gudu. Wanda ya fi gudu shi ne wani dogo mai girman kai da ake ce wa Gwamna, saboda sai kowa ya gama zagayen ɗumama jiki yake isowa yana ɗaga wa mutane hannu.

Kafin ya juya sai ga Tela da gudu, ya kama hannunsa biyu.

"Baba Koci, Allah ya saka! Na riga na kira tsohuwa, tana can tana kuka."

"Madalla," in ji Koci. "Je ka ɗumama jiki."

Can gefe Gwamna na ɗaure takalmi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Koci, agogon nan naka da sanayya yake aiki, ko batir ne ya mutu?"

Koci ya yi kamar bai ji ba.

Da rana ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a teburin falo, ya zauna yana kallonta kamar wanda aka kawo wa sammaci. Matarsa malamar makaranta ce, ta saba haɗa makin jarrabawa a irin wannan jadawalin. Ta dawo daga aiki ta same shi a haka, ko takalmi bai cire ba.

"Maigida, lafiya? Kai da ba ka taɓa abin nan sai Asabar?"

"Zo ki duba mini, Malama. Wai yaron nan matsakaicinsa daƙiƙa hamsin da ɗigo uku da biyar. Ni kuwa tun da nake da shi bai taɓa sauka ƙasa da hamsin da ɗaya da ɗigo tara ba. Ya za a yi matsakaici ya fi gudunsa mafi kyau?"

Ta ajiye jaka, ta jawo kujera, ta bi layin Tela da yatsa daga mako na farko. A mako na sha ɗaya ta tsaya.

"Wannan fa? Ya zagaye fili a daƙiƙa sifili? Aljani kake horarwa?"

"Wannan ba sifili ba ne, da'ira ce. Ranar ya kai tsohuwarsa asibiti."

Sai ya buɗe littafin ya nuna mata. Tun fara aikinsa haka yake yi. Wanda ya ƙi zuwa ba dalili, ya ja masa ɗan karan layi. Wanda ya kawo uzuri, ya zana masa ɗan da'ira, don ya tuna kada ya yi masa faɗa. Da ya zo kwafewa, ya nemi abin da ya yi kama da da'ira a jerin lambobi, ya danna.

Malama ta dafe goshi.

"Kai ka san uzuri ne, kwamfuta ba ta sani ba. Karan layin nan da ka sa wa Gwamna sau uku, rubutu ta ɗauke shi, ta tsallake, ta raba da sha bakwai. Shi ya sa nasa ya fito daidai, hamsin da ɗaya da ɗigo takwas. Amma sifili lamba ce. Ta haɗa gudun Tela sha tara, ta raba da ashirin. A makin jarrabawa sifili kan ja yaro ƙasa. Ku da ƙaramar lamba ce nasara, sama ya jefa shi."

Ta goge sifilin ta bar gidan babu komai. Lambar ƙarshen layi ta juya nan take, ta koma hamsin da uku cif.

"Mayar da shi tukuna," in ji Koci.

"In mayar?"

"A'a. Bar shi."

Ta duba sauran layukan, ta samo wasu da'irori biyu a wurin waɗanda suke can ƙasa, waɗanda ko da taimakon sifilin ba su kamo kowa ba. Ta gyara su, ta ce daga yau in mutum bai yi gudu ba a bar gidan lokacinsa fayau, uzurin kuma a rubuta shi a shafin bayanai. Koci na ta gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan tsohuwar da ke can tana kuka.

Washegari ya hau bene zuwa ofishin Sakatare, gwiwarsa na ƙara a kowace matakala. Sakatare mutum ne mai son a rabu lafiya, fankar ofishinsa ma a hankali take juyawa. Ya saurari bayanin har ƙarshe yana wasa da murfin biro.

"Yanzu Koci, wa ya san da wannan?"

"Ni da iyalina, sai kai."

"To ai shi ke nan. Sai Litinin zan aika sunan. Mutanen sansanin ba za su buɗe jadawali ba."

"Ba za su buɗe ba, Yallaɓai, amma suna da agogo. Ranar farko za su sa shi a layi, su ga mai hamsin ya zama mai hamsin da biyu. Su koro shi, kuma baɗi ko wa muka aika sai sun yi mana kallon maƙaryata."

Sakatare ya yi tsaki, ya jawo shafin zuwa atisaye. A nan ɗaya da sifili ne, kuma a nan sifilin yana wurinsa, ɗaya ya zo, sifili bai zo ba. Atisaye sittin aka yi. Tela na da hamsin da tara. Gwamna na da arba'in da tara, ana bukatar arba'in da takwas.

"Dubi nan," in ji Sakatare, ya rage murya. "Kai da hannunka ka rubuta a shafin bayanai cewa ya makara sau shida. Mutumin da ya zo an ci rabin atisaye, ya zo ke nan? Biyu kawai ka mayar sifili, ya koma arba'in da bakwai, ya faɗo ƙasa da tamanin. Na biye da shi waye?"

Koci ya sani. Na biye da shi Tela ne, ko da hamsin da ukun.

Ya daɗe yana kallon lambobin. Ba ƙarya ba ne, Gwamna ya makara, kuma ya sha ba shi ciwon kai fiye da sauran a haɗe. Akwai ranar da ya iso da kofin shayi a hannu. Gida biyu ne kawai, danna biyu da yatsan nan nasa guda. Amma a ranakun da abin ya faru, yana tsaye a filin, ya dube shi ya sa masa ɗaya, wato ya zo. Haka ya sa wa duk wanda ya makara tun farkon shekara, ba wanda aka ce masa makara rashin zuwa ce.

"In za mu yi dokar makara, mu yi ta baɗi, a gaya wa kowa tun ranar farko," ya ce. "Cire takardar nan, Yallaɓai."

"To kai za ka gaya masa. Ni ba ruwana."

"Da ma wa zai gaya masa?"

Shagon ɗinkin na cikin wani lungu bayan tashar mota, ɗaki ɗaya mai keke uku. Yayan Tela ya miƙe da fara'a ya share masa benci, yana cewa ai su ne ya kamata su zo godiya, har ya fara neman wanda zai riƙe keken ƙanin nasa wata ukun. Koci bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye, bai sakaya ba, ya ce kuskuren nasa ne shi kaɗai.

Fara'ar yayan ta ɗauke.

"Haba Malam! Wato kai ka yi ɓarnar, shi zai biya? Kullum asuba yaron nan yana fili, ni ina nan ina ba masu kaya haƙuri. Tsohuwa ta gaya wa duk dangi. Da wane baki za a koma mata?"

"In kun yarda, ni zan je in gaya mata."

"Ka je ka ce mata me? Kwamfuta?"

Tela dai bai tashi daga kan keke ba. Ya ƙarasa ɗinkin hannun rigar da ke gabansa, ya yanke zare da haƙori.

"Yaya, ƙyale shi," ya ce. Sannan ya dubi Koci. "Jiya na je ofis na roƙi Sakatare ya nuna mini lambar. Na ga hamsin. Na san ƙafata ba ta taɓa yin hamsin ba. Na ce bari in yi shiru, ko Allah zai sa kai ma ka yi."

Koci ya so ya gaya masa cewa a makon farko hamsin da biyar ya yi, yanzu yana taɓa hamsin da biyu, cewa a duk jadawalin babu layin da ya sauko kamar nasa. Gaskiya ce, amma ya ga ba ranarta ba ce.

"Za ka zo Litinin?"

"Akwai kayan mutane da yawa, Baba Koci. Zan gani."

Ya fito lungun ya samu inuwar wani kanti ya jingina, don gwiwar ta fara magana. Saura aiki ɗaya. Ya lalubo lambar Gwamna ya kira, sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka, da muryar wanda aka tasa daga barcin rana. Koci ya gaya masa gurbin nasa ne, ya kawo hoto biyu da takardar likita ranar Litinin.

"Ai da ma na san za ku gyara," in ji Gwamna, yana hamma. "Koci, hoton nan dole sai Litinin? Talata fa?"

"Litinin," in ji Koci. "Ƙarfe takwas."