Rostar Shida ga Oktoba

Sa'adiyya ta yi sati guda takardar sabuwar rosta, wato jadawalin aiki, na cikin jakarta. Kullum da safe ta shiga ɗakin haihuwa na ɗan asibitin kuɗin da take aiki a Azare, sai ta kalli allon da ke bayan teburin ungozomomi, ta ce a ranta gobe.

Wata huɗu ke nan da Dakta Jumare, mai asibitin, ya naɗa ta shugabar ɗakin. A lokacin su takwas ne ungozomomin, biyu suka sami aikin gwamnati suka tafi, saura shida har da ita. Tun daga nan dutin dare ya koma wuyan mutum biyu, Ukamaka da Busola, wannan ta yi sati waccan ta karɓa. Sauran kowa da uzurinta. Wata tana shayarwa, wata mijinta ba ya so. Ita kuwa Ya Fanna, babbarsu, shekararta goma sha ɗaya tana aikin safe kaɗai, ba wanda ya taɓa tambayar dalili don kowa ya sani. Mijinta Malam Kashim yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Da safe maƙwabciya ke leƙa shi, daga azahar har wayewar gari kuwa ba shi da kowa sai ita. 'Ya'yansu duk sun yi aure can Damaturu.

Abin da ya tilasta gyara shi ne ranar da Ukamaka, bayan ta kwana tara a jere saboda Busola ba lafiya, ta rubuta awon jinin wata mai naƙuda a katin wata. Allah ya tsare an gano wajen miƙa aiki da safe. Dakta Jumare ya kira Sa'adiyya ya ce ta sake rosta, kuma daga yanzu ba mai zama a duti ɗaya dindindin, ko wace ce. Ta ambaci Ya Fanna. Ya ce in aka cire mutum ɗaya, da wane baki za a hana sauran?

Ta zauna ta tsara, da ma ita mai tsari ce. Zagaye na sati shida: kowa ta yi sati biyu na safe, biyu na yamma, ɗaya na dare, sannan sati guda na hutu bayan daren. Ta duba ta sake dubawa, ba ta ga inda aka cuci kowa ba. Sunanta ma ta sa a satin dare na farko.

Sai dai akwai abin da ba a yi. Ba a barin babba ya ji maganar da ta shafe shi a bakin bango. Ya Fanna ce ta koya wa Sa'adiyya yadda ake riƙe kan jariri, ita ta karɓi haihuwarta ta fari, kuma tun ranar ba ta kiranta da wani suna sai 'yata. Don haka ranar Lahadi da la'asar Sa'adiyya ta sayi lemo da ayaba, ta hau Keke Napep zuwa gidansu.

Ta tarar da ita tana juya Malam Kashim daga wannan ɓari zuwa wancan, tana shafa masa mai a baya. Suka gaisa. Aka kawo mata burabusko da miyar kuɓewa busasshiya, Ya Fanna ta tsaya a kanta sai ta ci. Aka yi hirar geron bana, aka yi ta tsadar magani. Sau biyu Sa'adiyya ta ɗora hannu a kan jaka. A na biyun Malam Kashim ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana sa mata albarka da harshensa mai nauyi, wai Allah ya saka mata yadda take kula da uwarta a wurin aiki. Sai ta janye hannun. Aka kira magariba, Ya Fanna ta rako ta har bakin titi, ta tambaye ta ko lafiya dai. Ta ce lafiya lau, zumunci ne kawai.

Ta yi niyyar ta tare ta washegari kafin a fara aiki. Amma Dakta Jumare ya riga kowa zuwa, ya ce yau Litinin ashirin da biyu ga Satumba, in ba a liƙa yau ba sati biyun sanarwa ba zai cika ba. Ya tsaya har ta danna ƙusa ta huɗu.

Ga abin da takardar ta ce:

"Zuwa ga dukkan ungozomomin ɗakin haihuwa. Daga ranar Litinin, shida ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe, za mu fara aiki da sabuwar rosta da ke ƙasa. Lokutan duti ba su canza ba: safe takwas zuwa biyu, yamma biyu zuwa takwas, dare takwas zuwa takwas na safe. Abin da ya canza shi ne kowa za ta zagaya dukkan dutin uku. Dalili: mun ragu daga takwas zuwa shida, dutin dare ya taru a kan mutum biyu tsawon wata uku, gajiya kuma haɗari ce gare su da matan da ke hannunmu. Wadda ke son musanya duti da wata, su biyun su sa hannu a fom su kawo mini kwana biyu kafin ranar. Mai ƙorafi ko shawara ta same ni kafin Juma'a mai zuwa. Na gode da haƙurinku. Sa'adiyya Yunusa, shugabar ɗaki."

Ukamaka ce ta fara karantawa, tana shirin tashi daga dutin dare. A Azare aka haife ta, babanta na sayar da kayan mota, Hausa kuwa a bakinta kamar ta 'yan Katagum. Ta bi layin sunanta da yatsa, ta yi dariya, ta ce ashe za ta sake ganin yadda rana ke faɗuwa a gidansu, 'ya'yanta har sun fara ce mata anti. Tana cikin haka Ya Fanna ta shigo.

Ta sa tabarau. Ta karanta tun daga sama har sa hannu, a tsaye, jakarta a kafaɗa. Ta cire tabarau ta naɗe, ta karɓi rahoton dare daga hannun Ukamaka, ta zagaya gadaje kamar kullum.

Sai da aka sami sarari wajen sha ɗaya Sa'adiyya ta same ta a ɗakin wanke kayan aiki. Ta fara bayani, ta kawo maganar katin da aka rubuta ba daidai ba, ta kawo ta Dakta. Ya Fanna ta bar ta har ta gama.

"Duk abin da kika rubuta gaskiya ne," in ji ta. "Yaran nan sun wahala, ni ma ina gani. Jiya takardar tana cikin jakarki?"

Sa'adiyya ta sunkuyar da kai.

"Kika ci tuwona, kika karɓi addu'ar Malam, da ita a gefenki."

"Ya Fanna, kunya ce ta hana ni."

"Kunyar ta bar ki kika buga ƙusa."

Sa'adiyya ta yi sauri ta faɗi abin da ta shirya tun farko. Satin daren Ya Fanna ita za ta yi mata, na yamma kuma ta riga ta yi magana da wata za su riƙa musanye. Fom kawai za ta sa wa hannu. Ya Fanna ta tambaya ko duk zagaye sai an cike sabon fom. Aka ce e, haka ƙa'idar take. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da jera almakasai a cikin tire.

"Wato duk bayan sati shida in zo in roƙe ki. To, na ji, Sista."

Ba ta taɓa kiranta Sista ba. Kalmar ta sauka wa Sa'adiyya kamar an zuba mata ruwan zafi a ƙafa.

Juma'ar ƙorafi ta zo ta wuce. Mai shayarwa ta zo, aka matsar mata da satin darenta zuwa ƙarshen zagaye. Wadda mijinta ba ya so ta zo da kuka, ta koma da haƙuri. Ya Fanna ba ta zo ba. Sa'adiyya ta cike fom da hannunta, ta sa nata sa hannun, ta ajiye a cikin littafin rahoto inda ba zai ɓuya ba. Kwana uku yana nan. A na huɗu ta tarar an mayar mata da shi kan teburinta, an danne da kwalbar sifirit na goge wurin allura don kada fanka ta ɗauke.

Ta sake zuwa gidan ranar wata Asabar. Aka karɓe ta da mutunci, aka shimfiɗa mata darduma a tsakar gida, aka kawo ruwa a kofin baƙi. Ba a ce ta shiga ta gaida Malam ba, an ce yana barci.

Ranar shida ga Oktoba rosta ta fara aiki kamar yadda aka rubuta. Satin farko Ya Fanna na safe, don haka ba abin da ya canza a ido. Ran Talata ta kai wa Dakta Jumare takardar barin aiki da sanarwar wata guda. Ya yi ta lallashi, har ya ce zai sake duba maganar dutin dindindin saboda ita. Ta ce a'a, kada a ɓata gyara don tsohuwa ɗaya, ita dai ta gaji ne.

Watan nan kuwa ta bi rosta filla-filla. Da satin yammanta ya zo, ta sa 'yarta ta taso daga Damaturu da goyo ta zauna da uban. Ba ta makara ko sau ɗaya ba, ba ta nemi musanye ba. In za ta miƙa aiki ga Sa'adiyya, sai ta tsaya ta karanta rahoto gado bayan gado da murya mai kyau, ta rufe littafi ta ce, "Shi ke nan, Sista." Ukamaka ta taɓa ce wa Sa'adiyya a ɓoye, da ta san haka za a yi da ta ci gaba da kwananta, ai ta saba. Sa'adiyya ta ce mata kada ta sake faɗin haka, rostar ba ta da laifi.

Ranar ƙarshe sun haɗa mata ɗan biki a ɗakin hutu, da kyautar atamfa da kular abinci. Ta yi godiya, ta yafe wa kowa, ta nemi a yafe mata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rungumewa. Da ta zo kan Sa'adiyya sai ta miƙa mata hannu, ta ce Allah ya taya riƙo.

Washegari da hantsi Dakta Jumare ya leƙo ya ce ba a sami wadda za ta maye gurbin ba tukuna, sai wataƙila sabuwar shekara. Sa'adiyya ta ɗauko farar takarda da rula. Da mutum biyar zagayen sati shida ba zai tsaya ba, dole a rage hutun bayan dare zuwa kwana huɗu, kuma dole wani ya gaya wa Ukamaka, wadda satin darenta ke tafe. Ta ajiye biro, ta tashi ta tafi nemanta a ɗakin awo.