Ruwan Da Ya Ƙi Shanyewa

Gwiwoyin Inna sun daina yarda da tsuguno, don haka muka ce ko a yi mata banɗakin zamani a gidanmu na gado, ko ta koma wurin Yaya.

Mai aikin famfo ya ce sai an gwada ƙasar ko za ta iya shanye ruwan sokawe, wato ramin da ruwan banɗakin zai riƙa zuba. Ya haƙa rami a bayan gida, ya cika shi da ruwa ya kwana a jiƙe. Da safe ya daidaita ruwan, ya kafa sanda mai alama, ya miƙa mini agogo. Ni da furfurata na zama mai gadin rami.

Ruwa ko gezau.

"Laka ce zalla, maigida," in ji shi. "Damina ɗaya zai tumbatsa."

Inna ta leƙo daga kujerarta ta yi dariya. "Da ni kuka tambaya! Ba nan kuke gina shanun laka kuna yara ba, in yi ta wankin wandunanku?"

Na danƙo lakar. Sanyinta da ƙamshinta suna nan yadda na bar su. Na gina saniya, ta fito kamar akuya mai ciwon wuya.

"Har yanzu ba ka iya ba," in ji Inna. "Kawo ta. Da ita zan tafi gidan yayanka."