Makullin da Ya Haye Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, sannan ku matso, don muryata ba ta kai nesa yanzu.

A Wara akwai wata mai sayar da bandar kifi ana ce mata Tamada. Allah Ya buɗa mata har ta sayi mota ta hannu, irin wadda ba a soka mata makulli. In ɗan makullin yana jikinka, ka taka birki ka danna maɓalli, ta tashi. Guda ɗaya tak aka ba ta, shi ya sa ta ƙulla shi a igiya ta rataya a wuya. Ko ƙanenta Bashiru da ke tuƙa ta ba ya kwana da shi.

To, batirin makullin, wani ɗan fale-fale kamar kwabo, ya fara mutuwa. Kullum motar sai ta yi ƙara ta rubuta cewa ba ta ga makulli ba. Lukman makanike ya ce a canza batir, amma kafin nan a manna makullin a jikin maɓallin a danna da shi, ko batirin ya mutu za ta gane shi. Haka kuwa aka yi ta yi. Batir dai kullum sai an je Yelwa za a saya. Bashiru ya saba da kukan motar har ya daina jin sa.

Innarsu kuwa ciwon yanar ido ya rufe mata idanu, jikokinta ma da murya take gane su. Sai ga labari likitocin ido sun sauka Yelwa suna cire yana kyauta, kuma ranar nan suke gamawa. Tamada tana da kifi a hayin kogi da ba zai jira ba, aka ce Bashiru ya kai Inna.

A bakin ruwa Tamada ta sunkuya ta taga ta danna maɓallin da makullin, Bashiru na taka birki.

"Ka tafi da ita a hankali, ba buhun albasa ka ɗauko ba."

"Yaya, albasa ai ba ta yi mini faɗa a hanya."

"Ina jin ka, ɗan nema," in ji Inna daga baya.

Tamada ta shiga jirgi da makulli a wuya. Motar ta yi ƙara ta yi rubutunta. Bashiru ya ce wa motar, "Kin fara ke nan," ya ja. Kun san irin motar nan, in ta riga ta tashi ba ta mutuwa don makulli ya yi nisa, sai dai in an kashe ta.

Sun wuce rabin hanya mai ya yi ƙasa. Ya tsaya wurin mai sayarwa a galan, mutumin ya ce ba ya zuba mai inji na aiki. Bashiru ya kashe. Da aka gama ya taka birki ya danna, shiru. Ya kai hannu inda zai karɓi makulli, a nan ya tuna.

"Mi ya faru?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ba ya sa mutum numfashi haka."

Ya kira Tamada, wayarta ba ta shiga a tsakiyar ruwa. Ya kira Lukman.

"Manna makullin ka danna mana."

"Makullin yana hayi."

Lukman ya ce, "To wannan ba ni da dabararsa. Kada ma ka wahalar da mutane da turi, ba ta tashi da turi."

Aka tsayar da ɗan kabu-kabu. Inna ta hau, jiri ya kwashe ta tun ba a yi nisa ba, aka sauke ta. Motocin haya kuma duk a cike suke wucewa. Ta zauna gindin mangwaro tana tambayar ko rana ta karkata, shi kuma yana ce mata da saura. Sai bayan la'asar wata motar kaya ta ɗauke su.

Da suka isa ana naɗe rumfa. Wata ma'aikaciyar jinya ta duba idon da ɗan tocila, ta ce wannan da an cire da ta gani, amma likitoci sun kama hanya, ba ta kuma san ko za su dawo baɗi ba.

Inna ta ce, "Mu tai gida, Bashiru. Na san hanyar ɗakina."

Motar ta kwana bakin titi, washegari Tamada ta zo ta tayar da ita, ta sayi batir a Yelwa. Bashiru ya bar tuƙi ya koma kamun kifi. Tamada ta yi niyyar kai Inna babban asibiti bayan damina, amma Inna ta kwanta ciwo kafin nan, ta rasu ba ta sake gani ba.