Ba Ita Na Duba Ba

Keken ɗinkina na sayar don a saya wa 'yata Auta kwamfuta, shi ya sa har yau in aka tayar da zancen nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Yarinyar ta samu aikin buga takardu daga gida, aka ba ta gwajin mako ɗaya, farawa ran Litinin. In kwamfuta ta ba ta kunya a makon nan, aikin ya tafi, ni kuma ba ni da wani keken da zan sake sayarwa.

Shekara ashirin da biyu ina buga takardu a ofis, amma yatsuna ne kawai suka san kwamfuta, cikinta ban sani ba. Sai na je wurin mai gyaran ofishinmu. Ya rubuta mini abu biyar a takarda, ya ba ni filash mai manhajar duba lafiyar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, ya ce, "Anti, ko ɗan'uwanki ne ke sayarwa, kar ki tsallake ko ɗaya."

Ashe kuwa kusan hakan ne. Baban Auta ya ce babu inda za mu sai shagon Dogo, amininsa na shekara talatin, wanda ke sayar da laftof na hannu.

Shagon ɗan ƙarami ne, kanta ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, ga laftof iri ɗaya sak, baƙaƙe, an jera su a bango sun kai goma. Dogo ya tare mu da fara'a kamar ya haɗiye mu.

"Matarmu da kanta! A'a, Auta ce ta zama haka? Ke da nake ɗora ki a kafaɗa! Ai ke 'yata ce, mai kyau zan zaɓar miki."

Ya sauko da ɗaya, ya jona caja, ya kunna. Ni kuwa na zaro takardata. Nan take Baban Auta ya soma muzurai.

"Maman Auta, mene ne haka? Dogo ne fa."

"Na ga Dogo. Kwamfutar ce ban sani ba."

Na sa Auta ta cika allon da fari tas, muka ƙura ido ko za mu ga ɗigo ko tabo, ta mai da shi baƙi, muka sake dubawa. Lafiya. Na buɗe shafin rubutu na bi madannai ɗaya bayan ɗaya, har lambobi da kibiyoyi, babu wanda ya maƙale. Na zare caja. Auta ta fito da rahoton batir kamar yadda aka rubuta mana, ya nuna yana riƙe kashi tamanin da ɗaya na ƙarfinsa na asali. Na buɗe murfin na rufe sau shida, ina kallon kusurwoyin da ƙarfen ke riƙe shi, babu tsagewa, babu ƙara, duk inda na tsayar da shi nan yake tsayawa.

Duk wannan Baban Auta yana tsaye yana tsaki yana ba Dogo haƙuri. A gabana, wallahi! Wai, "Ka san halin mata, an ba ta takarda ta zama injiniya." Wasu masu sayayya biyu suka yi dariya. Na haɗiye, na soka filash. Manhajar ta nuna lafiyar ma'ajiya kashi casa'in da huɗu. Auta ta ɗaga waya ta ɗauki hoton allon, don kawai ta tura wa mai gyara ya gani.

"To, kin gamsu?" in ji Dogo, yana dariya. "Kawo in goge mata ita, in sa a jaka."

Na miƙa hannu zan ce a bar ta haka, Baban Auta ya dafe min hannu. "Haba, ya isa mana! Har gogewar ma sai kin bi shi ciki?" Dogo ya shige bayan labule da ita, ya fito da jaka a zuge. Muka biya, muka tafi, duk hanya ana yi mini wa'azin zumunci.

Muna isa gida Auta ta ɗora ta a teburin falo. Tana ɗaga murfin na ji ƙas. Na ce, "Matsa." Na ɗora yatsuna, na buga layi ɗaya. Harafin "a" sai an danne shi da ƙarfi yake fita. Ni da na shekara ashirin da biyu a kan madannai za a gaya wa? Wadda na taɓa ɗazu laushi gare ta. Na zare caja, kafin Auta ta kawo mini ruwa batir ya faɗo daga saba'in zuwa arba'in. Na soka filash, sai ga gargaɗi da rawaya, lafiyar ma'ajiya kashi goma sha tara.

Auta ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. "Umma, Litinin fa."

"Baban Auta! Zo ka ga aikin amininka."

Ya zo yana cewa wataƙila hanya ce ta jijjiga ta. Hanya! Hanya ce ke cinye batir? Auta ta buɗe hoton da ta ɗauka, ta ajiye wayar kusa da allon. Manhajar tana nuna lambar ma'ajiya, kowace da tata. Ta karanta ta hoton, ta karanta ta allon. Ko kama ba su yi ba. Ya sa tabarau ya karanta da kansa, sau biyu. Sai ya ɗauki makullin mota.

Dogo yana ganinmu fara'ar ta ragu. Na dire jakar a kanta, na ce, "Ba ita na duba ba." Ya ce iri ɗaya ne ai, kuskure ne, hannu ne ya ɗauko wata. Na ce to hannun ya koma ya ɗauko tawa. Ya sosa ƙeya ya ce waccan ta nuni ce, ita yake kunna wa kowa, ba ta sayarwa ba ce.

Ka ji fa! Kuskure ne, kuma ta nuni ce. Na buɗe baki zan wanke shi tas, don na tanadi maganganu tun daga gida, sai na ji Baban Auta ya yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Dogo, kai ka ce 'yarka ce."

"Haba abokina, ka san kasuwa..."

"A gabanka na ci mutuncin matata saboda kai."

Dogo ya shiga bayan labule ya fito da wadda na duba, ya jona mata caja ya kunna mu gani, ya ce a sa a jaka a wuce wurin. Baban Auta ya ture jakar gefe. Ya jawo kujera ya zauna, ya gyara tabarau, ya zare cajar da hannunsa. Mutumin da ko saƙo a waya sai Auta ta rubuta masa.

Bai kalle ni ba, ya miƙo hannu. "Maman Auta, ba ni takardar nan. Daga ina ake farawa?"

Na ba shi. Ban huce ba, kar wani ya ce na huce, don dariyar mutanen nan biyu tana kunnena har yanzu. Amma na tsaya a kansa ina nuna masa, muka bi biyar ɗin daga farko, Dogo yana tsaye ya rasa inda zai sa idonsa. Da muka gama, Baban Auta ya rungume kwamfutar a ƙirji, babu jaka, ya fita bai yi masa sallama ba.