Ranar da Tsinke Ta Daina Motsa Baki

Da Malama ta yi ritaya, kowa a gidan ya zama masanin kasuwanci. Babban ɗanta ya ce kiwon kaji. Ƙaninta ya ce ta zuba kuɗin sallamarta ta buɗe makarantar kuɗi, shi da ko tireda bai taɓa riƙewa ba. Malama ta ce kaji mutuwa suke yi, makaranta kuma sai haya da rajista da albashin malamai, ita ba ta da jinin wannan. Fanshonta na isarta cin abinci. Abin da ba ya isarta shi ne hayaniya, don tun da ta bar aji gidan ya yi mata tsit.

Sai ta share baranda, ta sa tebur da benci, ta jingina ƙaramin allo. Darasin karatu ga yaran da aka bari a baya a aji, da yamma, biya wata-wata, kada su wuce huɗu. Idan abin bai karɓu ba, asararta alli ne kawai.

Uku aka kawo. Ɗaya iyayensa suka tashi daga unguwar, ɗaya ƙwallo ta janye shi. Saura 'yar tela, wata siririya da ake kira Tsinke, tana aji huɗu amma ba ta iya haɗa baƙi da wasali. Wayo gare ta kamar me: ta leƙi hoto ta ƙirƙiro labari, har da gyaran murya. Malama ta rufe hoton da tafin hannu, suka koma farko, sauti ɗaya bayan ɗaya.

Watanni suka yi a haka. Yarinyar na jan kalma da yatsa, tana tuntuɓe tana tashi, Malama na lumshe ido tana saurare. Gaskiya ta ƙaunaci muryar nan. Tun da rana take fara duban ƙofa.

Wata yamma ta shiga ɗebo ruwa, ta dawo ta ji shiru. Tsinke ta duƙufa a kan littafi, yatsa ba ya kan layi, leɓe ba ya motsi, idanu ne kawai ke gudu. Duk wanda ya koyar da karatu ya san wannan alamar. Yarinyar ta iya karatu ke nan.

"Karanta da ƙarfi mana in ji."

"Malama, da ƙarfi ɓata min lokaci yake yi. So nake in ga ko za su sami akuyar."

Malama ta yi mata tambayoyi a kan labarin, ta amsa tsaf. Washegari ta ɗauko littafin 'yan aji shida. Yarinyar ta yi tuntuɓe sau biyu, Malama kuwa ta ji wani daɗi ya ratsa ta, daɗin da ya ba ta kunya nan take.

'Yar Malama ta kira a waya, ta ji zancen sallamar yarinyar ta yi dariya. "Haba Umma, wa ya taɓa korar kwastoma? Ki ce saura nahawu, saura lissafi. Ai ba ƙarya kika yi ba."

"Lissafinta lafiya lau yake. Karatu aka kawo ta."

"To ki zauna ke da bencin."

Nan ne matsalar. A makaranta idan aji ya wuce, gwamnati ce ke cika mata wani. A baranda ba wanda ya yi mata wannan alkawari.

Da tela ta zo ɗaukar 'yarta ranar ƙarshen wata, zare maƙale a gefen mayafi, Malama ta ce ta ɗan zauna.

"Daga gobe ba sai ta zo ba."

"Subhanallahi! Wani abu ta yi, Malama? Ke, zo nan!"

"Ƙyale ta. Gamawa ta yi. Kuɗin da kike ba ni, ki riƙa saya mata littafi, kada ki bari hannunta ya zauna babu. Idan kin ji wata mai yaro irin nata, ki turo min."

Tela ta yi godiya har da ƙwalla, ta ce za ta cigita. Tsinke ta durƙusa ta ce, "Na gode, Malama. In tafi da wannan? Ban gama ba."

"Je ki da shi."

Malama ta raka su bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a ɗage tana jiran yarinyar ta waiwayo. Uwar ce ta waiwayo, har sau biyu. Tsinke na tafe kanta a cikin littafi, uwar na janye ta daga bakin kwata, har suka sha kwana.

Malama ta sauke hannu. Wannan ai shi ta yi wa aiki, ta sani sarai, amma kewa ta riga ta kama ta. Ta koma baranda ta goge allon, ta ɗaga bencin za ta shigar da shi ciki, sai ta mayar da shi inda yake.