Saƙon da Na Tura wa Zubaida

Duk wanda ya ce min in yi haƙuri a kan maganar nan, raina ƙara ɓaci yake yi, don haka a bar ni in faɗa yadda aka yi.

Sunana Murja. Shekara tara ina koyarwa a wata Islamiyyar 'yan mata a cikin garin Daura, taku kaɗan daga gidanmu. Kusancin nan shi ne komai a wurina, domin Innata ta tsufa, idonta ya yi yana, kuma ba ta da kowa a gida sai ni. Da an tashi tara nake leƙa ta in dawo.

Zubaida kuwa ƙawata ce tun muna yawo ba takalmi. Kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha. Bara mai makarantar, Malam Amadu, ya naɗa ta shugaba. Har guɗa na yi mata. Malam Amadu dattijo ne mai son ƙa'ida, kullum yana bakin ƙofa yana duba agogo, shi ya sa ni da Zubaida muka sa masa suna a tsakaninmu.

Ranar wata Lahadi da yamma aka bugo daga asibitin Katsina cewa gobe za a yi wa Inna aikin ido. Ina haɗa kaya na ɗauki waya na tura wa Zubaida saƙo, irin yadda na saba yi mata magana. Ta amso da cewa Allah ya ba Inna lafiya, sannan ta biyo da saƙon murya. Ban saurara ba. Ina ni ina sauraron surutun Zubaida ina neman katin asibiti?

Kwana uku muka yi. Aiki ya yi kyau, likita ya ce a riƙa ɗiga mata magani sau huɗu a rana. Ranar Asabar na koma makaranta da tsarabar Zubaida a jaka, sai ta miƙo min ambulan, ko kallona ba ta yi ba. Na buɗe.

«Zuwa ga Malama Murja Kalilu. Hukumar makaranta ta lura ba ki halarci aiki ba na tsawon kwana uku, kuma babu takardar neman izini a fayil ɗinki. Ana buƙatar ki bayyana dalilinki a rubuce kafin ranar Litinin.» A ƙasa ga sa hannunta, da hatimi.

Malama Murja Kalilu! Ni? Yarinyar da na goya ranar da ƙaya ta soke ta a hanyar rijiyar Kusugu, yau ita ce ke kirana da sunan ubana?

Da la'asar ta zo gidanmu. Ta gaida Inna, ta ja ni tsakar gida.

«Murja, Malam ne ya zo ya tarar da ajinki ba kowa. Shi ya sa na rubuta. Ba ki ji saƙon muryata ba? Cewa na yi ki rubuto takarda ko layi uku ne ki aiko.»

«Takardar me? Ban gaya miki ba?»

«Zubaida kika gaya wa. Shugabar makaranta ba ta da abin da za ta sa a fayil. Kawo biro mu gama yanzu. Kwanan wata a sama. Zuwa ga Shugabar Makaranta. Sai sallama, sai kan magana: Amsar takardar tuhuma. Ki ce, ina mai ba da haƙuri bisa rashin halartata, sakamakon jinyar mahaifiyata. Ki haɗa da katin asibiti, ki rufe da taki mai biyayya. Shi ke nan, magana ta mutu.»

«Taki mai biyayya? Ni zan rubuta miki haka? Lallai kujera ta hau miki kai!»

«Ba ni za ki rubuta wa ba, ofis za ki rubuta wa. Ki sani, reshenmu na garin Babban Mutum ba shi da malamar Fiƙihu irinki, kuma Malam neman wadda zai tura yake yi.»

Na ce barazana ce kuma? Na nuna mata ƙofa. Inna na kira daga ɗaki tana tambayar lafiya, na ce lafiya lau.

Litinin ta zo, ban rubuta ko harafi ba. Malam Amadu ya kira mu ofis. Ya ce, «Malama Murja, ina amsarki?»

Na ce, «Allah gafarta Malam, ba ni da laifin da zan amsa. Na nemi izini, kuma shugaba ta sani.»

Ya dubi Zubaida. Ta ce, «Ta sanar da ni da baki, Malam. Ni ce ban bi ta na karɓi takardar ba.»

Da baki? Ƙarya kuma a gabana? Na zaro waya na ce, «Ba da baki ba ne, a rubuce ne, ga shi nan!» Zubaida ta taka min ƙafa, ta ce a hankali, «Murja, kar ki.» Na fizge ƙafata. A raina cewa nake asirinta take tsoron ya tonu. Na miƙa masa wayar da hannuna.

Ya gyara tabarau, ya karanta a fili, kalma bayan kalma, da muryar da yake jan karatu:

«Ke Zubby, gobe na fece Katsina da tsohuwa. Ki san ƙaryar da za ki shirga wa Baba Agogo, kar ya ishe mu da masifarsa. Yaran nan ko wata na yi ba na nan, kansu dai kamar dutse.»

Innalillahi. Wallahi na manta abin da na rubuta. Ni dai na san na faɗa mata zan tafi. Wasa ne irin wanda muke yi kullum, amma a bakin dattijon nan, a cikin ofis, sai ya fito tsirara. Ya ajiye wayar a kan tebur a hankali.

«Jinyar uwa ba laifi ba ce,» in ji shi. «Da layi uku kika kawo min, da ni zan fara zuwa dubiya. Baba Agogo kuma na yafe, ai agogon nawa ne. Amma 'ya'yan mutane da aka ba mu amana, su ne duwatsu?»

Na ɗauki wayata na fita. A daren ban yi barci ba, na rubuta takarda shafi biyu, da kwanan wata, da kan magana, da taki mai biyayya, duk yadda Zubaida ta faɗa. Ya karɓa, ya sa a fayil, ya ce ta yi kyau. Amma hukunci ya riga ya fita: an mayar da ni reshen Babban Mutum.

Yanzu ran Juma'a da yamma nake shiga motar Babban Mutum, ba na dawowa sai Laraba. Kwana biyar Inna na lalube ita kaɗai a gidan da nake leƙawa lokacin tara.

Takardar canjin wurin aikin ma Zubaida ce ta sa mata hannu: «An umarci Malama Murja Kalilu da ta koma...» Na kusa yaga ta don haushi, sai wata 'yar takarda ta faɗo daga ambulan ɗin, an yago ta daga littafin rubutu, da rubutun hannun Zubaida.

«Murjata, shashasha, mai taurin kan tsiya. Ki bar min makullin gida da kwalbar maganin. Sau huɗu ne ko? Ni zan riƙa ɗiga wa Inna.»

Na zauna a kan bencin 'yan aji uku na yi kuka har majina. Har yau ina jin haushi, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Na bar wa Zubaida makullin.