Layin Bakhita a Littafin Alhaji Zubairu

Bayan la'asar ne, zafin Alƙahira bai ko fara sauka ba, Ishaq ya shiga ɗan shagon Alhaji Zubairu a unguwar Ard al-Liwa.

Ishaq ɗalibi ne daga Gusau. Duk ranar Alhamis Alhaji, ɗan Maraɗi mai saro abaya da hijabai a kasuwar Ataba, kan ɗauki hoton littafin cinikinsa da waya ya tura masa. Shi kuma sai ya zauna da kwamfuta ya jera komai gida-gida: rana, mai saye, kaya, guda nawa, kuɗi, sai gidan ƙarshe, an biya ko bashi. Alhaji ba ya rubuta "an biya". Ɗan ƙugiya yake yi a bakin layi, shi ke nan.

To, a hoton makon jiya babban yatsan Alhaji ya danne bakin layi ɗaya. Bakhita, hijabi shida, fam ɗari da tamanin. Ishaq ya yi ta buɗa hoton, ba abin da ya gani sai farce. Yana saurin zuwa darasi, ya rubuta bashi. Da ya haɗa abin da aka biya, ya ga bai kai jimlar da Alhaji ya sa a ƙasan shafi ba, saura ɗari da tamanin cif. Ya gani sarai. Ya ce a ransa zai tambaya gobe, goben ba ta zo ba.

Jiya ya ji labari. Bakhita, Bahaushiyar Sudan mai yawon talla gida-gida, ta zo ɗaukar sabon kaya, Alhaji ya nuna mata takardar da Ishaq ya buga a gaban mutane, ya ce ba wani kaya sai ta biya na baya. Ta rantse, bai saurare ta ba. Da wannan tallar take biyan haya.

Da shigarsa shagon yau, Ishaq ya roƙi a ba shi littafin. Ya buɗe shafin, ga ƙugiyar nan, ƙarama, da jan biro.

"Baba Alhaji, ta biya," ya ce a hankali. "Yatsanku ne ya rufe wurin, ni kuma ban tambaya ba, na cike da ka."

Alhaji ya daɗe yana duban shafin. Ya ce shi da ya yarda da takardar inji fiye da rubutun hannunsa, me zai ce wa yaro? Daga yau dai ba sauran hoto, Ishaq ya riƙa zuwa yana kwafa a nan. Sannan ya ɗaure hijabai dozin biyu, ya tsaya yana neman wanda zai aika, don kunya ba za ta bar shi ya je ba.

Ishaq ya saɓa ƙunshin. Hawa biyar ne gidan da Bakhita take haya, ba lif. Bakhita ta buɗe ƙofa, ta saurari bayaninsa har ƙarshe.

"Ma'alish, Inna, ki yi haƙuri," ya ce.

Ta nuna masa bayan ƙofa. Ya ajiye kayan a nan, ya gyara su kada su tare mata hanya, ya sauko.